Wilin ruwa da ke gudu amma ba ya ba da wuta: nazarin wani aiki a tsaunin Mambila

Asalin lamarin

Wani manomi a tsaunin Mambila, jihar Taraba, yana da ƙorama da ke gangarowa daga tudu ta bayan gidansa. Wutar gwamnati ba ta kai ƙauyen ba, fetur kuma kafin ya hau dutsen ya yi tsada. Sai ya yi shawarar ya sa ruwan ya juya masa janareta, ko ƙwayayen lantarki da talabijin da cajin waya ya samu. Ya ba wani mai walda aikin, mutum mai hannu da haƙuri, wanda ya saba ƙera injin niƙa da na casar masara amma bai taɓa ƙera wilin ruwa ba. Ni malamin koyar da fasaha ne, kuma an kira ni ne bayan an yi gwaji biyu ba a dace ba. Abin da ya faru kafin zuwana daga bakinsu na ji shi, sauran kuwa da ni aka yi.

Ga yadda wurin yake. Daga ƙaramin tafkin da aka tare a sama zuwa ɗakin injin akwai gangare na mita 24 a tsaye. An shimfiɗa bututun roba mai faɗin milimita 75, tsawonsa mita 90. A ƙarshensa an ɗaura nozul, wato matsattsen bakin da ke harba ruwa, mai faɗin milimita 20. Ruwan da ke fitowa daga nozul ɗin yana cika duro mai lita 200 cikin daƙiƙa 32, wato kusan lita 6.3 a daƙiƙa, kilo 6.3 ke nan na ruwa. In aka raba wannan da faɗin bakin nozul, gudun ruwan ya kama mita 20 a daƙiƙa. Janaretan yana buƙatar juyi 1,500 a minti kafin ya ba da wuta yadda ya kamata.

Nuwamba: wili na farko, mai faranti shimfiɗaɗɗu

Mai walda ya yanko faifan ƙarfe, ya liƙa masa faranti 12 a gefe, kowanne shimfiɗaɗɗe kamar tafin hannu. Daga tsakiyar shaf zuwa inda ruwa ke dukan farantin milimita 150 ne. Kafin ya ɗaura janareta ya yi gwaji biyu. Da farko ya riƙe wilin da sikelin rataya irin na masu auna hatsi, ya maƙala ƙugiyarsa daidai nisan da ruwa ke duka, ya buɗe bawul. Sikeli ya nuna kilo 12. Daga nan ya saki wilin ba kaya, ya ari na'urar ƙirga juyi, ya ga juyi 1,150 a minti.

Da waɗannan alƙaluma biyu ya yi lissafinsa. Tunda wili na yin 1,150, janareta na son 1,500, sai ya sa fuli, wato faifan da bel ke zagayawa, mai milimita 130 a wili da mai 100 a janareta. A ransa yana da turin kilo 12 a gudun 1,150.

Ranar gwaji mitar wuta ta nuna bolt 220. Aka kunna ƙwai ɗaya, ya kama. Aka ƙara biyu, ƙarar wilin ta sauya, haske ya yi ja. Da aka jona talabijin sai komai ya mutu. An cire kaya, wili ya koma gudunsa kamar babu abin da ya faru.

Disamba: an buɗa bakin nozul

Mai gona ya ce ruwan ne ya yi kaɗan. Aka sauya nozul da mai milimita 32. Sikeli ya tashi zuwa kusan kilo 20, kowa ya yi murna. Amma da aka saki wilin, ko ba kaya bai kai juyi 1,000 ba, mita kuma ba ta sake ganin 220 ba. Bayan ɗan lokaci tafkin sama ya ja baya, bututu ya fara shan iska, ruwa na fitowa yana tari, domin ƙoramar a rani lita 8 kawai take kawowa a daƙiƙa, sabon nozul kuwa yana jan kusan 13.

Abin da ya faru shi ne, da ruwa ya ninka a cikin bututu, gogayyarsa da bangon bututun ta ninka sau huɗu. A da mita biyu da rabi na gangaren ke salwanta a hanya, yanzu ya haura goma. Gudun ruwa a bakin nozul ya sauko daga mita 20 zuwa 16. Juyi 1,150 kuwa yana nufin farantin na tafiyar mita 18 a daƙiƙa. Ruwan da ke gudun 16 ba zai taɓa kamo farantin da ke gudun 18 ba, komai yawansa.

Farkon Janairu: awo da lissafi

Da na iso, mai walda ya tare ni da cewa, "Malam, ni dai abin ya ɗaure mini kai. Ruwan nan in ka tara masa hannu sai ya kusa karya maka yatsu, amma ƙwai uku sun gagare shi." Na ce a mai da nozul na farko, mu zauna da takarda.

Ruwa yana tura abu ne gwargwadon yadda abin ya sauya masa tafiya. In ruwa ya daki farantin da ke tsaye cak, ya fuskance shi sosai, sai ya bazu ta gefe ko'ina, gudunsa na gaba ya ƙare gaba ɗaya. Turin da farantin ke ji shi ne nauyin ruwan da ke isowa a daƙiƙa, a ninka da gudun da ya rasa:

F = ρ A v²

A nan ρ nauyin ruwa ne, kilo 1,000 a kowace mita kubik, wato lita 1,000, A faɗin bakin nozul, v gudun ruwa. A namu, 6.3 sau 20 ya ba da niyutan 126, wato nauyin kilo 12.8. Sikelinsa ya nuna 12. Awonsa daidai ne. Sai dai farantin da ke tsaye ba ya yin aikin komai, don aiki shi ne turi a ninka da tafiya, shi kuwa bai motsa ba.

Da zarar farantin ya fara gudu da saurin u, ruwa ba ya dukansa da v, sai da abin da ya rage, v − u. Na ba shi misalin mai keke da ke tura mota: muddin motar ta kama gudu kusa da nasa, hannunsa na kanta amma ba ya tura komai. A wili, inda faranti ke biye da juna, duk ruwan da ya fito daga nozul yana samun wanda zai daka, saboda haka:

F = ρ A v (v − u)

Aikin da ake samu kuma F sau u. Muka jera alƙaluma a bayan kwalin siminti. A tsaye, turi 126, aiki sifili. A gudun mita 5, turi 94, aiki wat 470. A gudun 10, turi 63, aiki wat 630. A gudun 15, turi 31, aiki ya koma 470. A gudun 18, inda fulinsa ya tilasta wa wilin zama, turi bai kai 13 ba, aiki wajen wat 230, kuma wannan ɗan abin shi ne boris da bel da iska da fantsamar ruwa ke cinyewa. Shi ya sa wilin ya tsaya a 1,150 bai wuce ba: nan ne abin da ruwa ke bayarwa ya yi daidai da abin da ke zurarewa, babu ragowar da za a ba janareta.

Ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ce, "Ashe kilo 12 ɗin da juyi 1,150 ɗin ba sa zama ɗaki ɗaya." Haka ne. Ɗaya na wilin da aka ɗaure ne, ɗaya na wilin da ba ya ɗauke da komai. Aiki mafi yawa yana tsakiyarsu, inda farantin ke rabin gudun ruwa.

Akwai wani bambanci da ɗalibaina kan ruɗe a kai, gara in faɗe shi a nan. In faranti ɗaya ne tak ke gudu ruwa na binsa, ba duk ruwan nozul ke isa gare shi ba, wani yana tafiya ne wajen cike tazarar da ke ƙaruwa. A wannan hali lissafin ya zama ρ A (v − u)², aiki mafi yawa yana a sulusin gudun ruwa, kuma bai wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da ruwa ke ɗauke da shi ba. Wili mai faranti da yawa yana iya kai kashi 50. Wili mai faranti kaɗan, irin nasa mai 12, yana faɗawa ƙasa da hamsin ɗin, don wani ruwan na kuɓucewa ta tsakani, kuma farantin ba ya fuskantar ruwa sosai sai na ɗan ƙiftawar ido. In ya karkace da digiri 30, turin da ke bin hanyar ruwa ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu.

Tsakiyar Janairu: an sauya fuli

Muka sa fuli mai milimita 250 a wili, aka bar na janareta a 100. Yanzu janareta na 1,500 yayin da wili ke juyi 600, farantin na tafiyar mita 9.4 a daƙiƙa, ƙasa kaɗan da rabin gudun ruwa. Ba a taɓa komai ba bayan wannan. Wuta ta tsaya a bolt 220 da kaya na kusan wat 330. Ƙwayaye sun kama, talabijin ta yi aiki.

Mai gona ya gamsu na mako ɗaya, sannan ya tambaya ko za a samu ƙari don firji. Ruwan da ke fitowa daga nozul yana ɗauke da wat 1,260, rabin nauyinsa a daƙiƙa sau gudunsa sau gudunsa. Faranti shimfiɗaɗɗe ba zai karɓi fiye da rabi ba ko da mala'ika ne ya ƙera shi, kuma ido na iya ganin inda sauran rabin ke tafiya. In ka tsaya kusa da wilin, ruwan na barin farantin da ƙarfi, yana bin sa gaba, yana watsuwa gefe, yana dukan bangon akwatin da ke rufe wilin kamar ana ruwan ƙanƙara a kwano. Duk wannan ƙara aiki ne da aka zubar.

Fabrairu: ƙoƙuna na farko

Maganin shi ne a juyo da ruwan baya maimakon a watsa shi gefe. In faranti ya lanƙwasa kamar ƙoƙo, ruwa ya shiga ya zagayo ya fito ta inda ya zo, to an tsayar da gudunsa na gaba sannan an ba shi gudu na baya. Sauyin ya ninka, turi ma ya ninka. Ga ƙoƙon da ke tsaye:

F = ρ A v² (1 + k cos φ)

φ ita ce 'yar kusurwar da ta rage kafin ruwa ya juyo baya sak, k kuma abin da ya rage na gudunsa bayan ya gogi cikin ƙoƙon, wajen 0.9 in ciki na da santsi. In φ sifili ce kuma babu gogayya, turi zai kai niyutan 252, ninki biyu na shimfiɗaɗɗe. Ga wili mai gudu, a sa v (v − u) a madadin v².

Mai walda ya yanka bututun ƙarfe mai inci biyu gida biyu a tsaye, ya yi ƙoƙuna 12 kamar rabin gora, ya liƙa su inda faranti suke. Sikeli ya nuna kilo 21. Muka sa rai da wuta za ta ninka. Ta tsaya a wat 400.

Sai da muka cire murfin akwatin, muka haska da tocila muna kallo, sannan muka gane. Rabin bututu yana juyo da ruwa baya sak, digiri 180, to ruwan da ya fito sai ya faɗa wa bayan ƙoƙon da ke biye, yana tura shi baya. Bayan kowane ƙoƙo ya yi fes kamar an goge, fentin ya tashi cikin kwana uku. Na biyu, ruwa na dukan gindin ƙoƙon kai tsaye, yana taruwa yana kumfa kafin ya sami hanyar fita, ga kuma tudun walda a ciki yana yi masa tuntuɓe. Na uku, leɓen ƙoƙon da ke shigowa yana sare harbin ruwan da bayansa tun kafin ya daidaita. Akwatin kuma ya matse wilin, ruwan da ya gama aiki na komawa kansa. Sikeli bai nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan yadda suke ba, saboda a tsaye ake aunawa.

Maris: ƙoƙo mai tsaga

Wannan matsala an warware ta tun tuni. Lester Pelton, wanda ya yi aiki a yankin haƙar zinariya na Kalifoniya, ya yi rajistar wilinsa a 1880, kuma abin da ya bambanta shi shi ne ƙoƙo tagwaye mai kaifi a tsakiya. Kaifin na raba ruwa gida biyu ba tare da karo ba, kowane rabi ya zagaya nasa ƙoƙon ya fita ta gefe. Da yake rabin nan biyu daidai suke, turin da ke son ture shaf gefe yana kashe juna, boris ya huta.

Muka bi wannan tsari da abin da ke hannu. Ya samo gwiwoyin bututun ƙarfe ƙanana, ya tsaga su, ya haɗa biyu biyu gefe da gefe, mahaɗar ta zama kaifin tsakiya, ya wasa ta da girinda har tana iya yanka takarda. Faɗin ƙoƙo daga ciki milimita 65, ninki uku da ɗoriya na kaurin ruwan. Leɓen fita muka buɗa shi digiri 15, yadda ruwa zai juyo 165 ya wuce ta gefen ƙoƙon baya bai taɓa shi ba. Wannan buɗawa ba ta cin komai sosai, cos 15 ya kai 0.97. A bakin kowane ƙoƙo ya yanke gurbi mai ɗan fin kaurin ruwa, don harbin ya ci gaba da isa ga ƙoƙon da ke aiki har sai na baya ya daidaita. Adadi ya tashi daga 12 zuwa 22. Kwana huɗu ya yi yana goge cikinsu da samfefa, yana auna kowanne a sikelin masu sayar da nama don kada wani ya fi wani nauyi. Akwatin ma aka faɗaɗa, aka buɗe ƙasansa.

Daidaita nozul ya ci mana yini guda. Harbin dole ya faɗa kan kaifin daidai, a milimita 150 daga shaf. In ya kauce ko da milimita biyu ne, za ka ga ruwan gefe ɗaya ya fi na ɗayan kauri. Muka riƙa cusa siraran guntayen ƙarfe a ƙarƙashin maƙalin nozul har ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki.

A tsaye sikeli ya nuna kilo 23, lissafi ya ce 24. A juyi 600, lissafi ya ce 6.3 sau 10.6, wato 20 a cire 9.4, sau 1.87, wato 1 + k cos φ, turin niyutan 125, aiki wajen wat 1,170. Ƙoƙon walda ba zai kai nan ba. Wutar da muka auna a ƙarshen waya wat 620 ce a bolt 220, bayan bel da boris da janareta sun ci nasu.

Abin da na fi so in nuna wa mai gona shi ne ruwan da ke barin ƙoƙon. Ruwa na zagaya cikinsa da mita 10.6, gogayya ta rage shi zuwa 9.5, ya fito yana fuskantar baya, alhali ƙoƙon na tafiya gaba da 9.4. Biyun sun kusan kashe juna. Ruwan da ya shigo kamar harsashi sai ga shi yana ɗan bazuwa gefe yana zubowa ƙasa a gajiye, kamar an tuntsurar da bokiti. Na ce masa, "Alhaji, wannan ce mitarka. In ka ga ruwa na bin wilin gaba, kaya ya yi kaɗan, wili ya yi gudu. In yana komowa wajen nozul, kaya ya yi yawa. In yana faɗuwa ƙasa, to ka bar shi haka."

Afrilu: abin da ya biyo baya

Wani dare aka kashe firji da talabijin lokaci guda, bawul a buɗe. Wili ya sami sauƙi ya tashi wajen ninki biyu, janareta ya nufi juyi 2,900, ƙwayaye huɗu suka ƙone. Yaron gida ya ruga ya rufe bawul da sauri ɗaya, ruwan mita 90 da ke tafe ya yi karo, mahaɗar bututu ɗaya ta ɓalle. An gyara mahaɗar, aka sa bawul mai juyawa a hankali, aka kuma sayo na'urar daidaita kaya da ke karkatar da ragowar wuta zuwa hita a cikin duron ruwa, yadda janareta kullum yana ɗauke da wat 620 ko gida na amfani ko ba ya yi. Tun daga nan wilin na juyi 600, gidan kuma ya sami ruwan zafi na asuba, abin da ba a raina shi a sanyin Mambila.

Abin da na gani a lamarin

Ruwa bai taɓa yin kaɗan ba, nozul da bututun da aka gama da su su ne na ranar farko. Babban kuskure shi ne zaɓen fuli bisa gudun wilin da ba ya ɗauke da kaya, kuma gyaransa, wanda bai wuce kuɗin fuli ɗaya ba, shi ya kai su daga duhu zuwa wat 330. Da an auna duro da agogo tun farko, an raba gudun ruwa biyu, da an san juyi 600 ake nema kafin a yanka ƙarfe.

Buɗa nozul kuskure ne da sikeli ya ƙarfafa, domin ya nuna ƙaruwa a daidai lokacin da gudun ruwa ke faɗuwa. Ban ga laifin mai walda a yin awon ba, awon nasa ya yi daidai da lissafi sau uku. Sikelin dai yana amsa tambayar wilin da ke tsaye ne, shi kuwa janareta wili mai gudu yake so.

A nawa ɓangaren, na yarda aka yi ƙoƙunan rabin bututu alhali na san digiri 180 na jefa ruwa kan ƙoƙon baya. Na ɗauka asarar ba za ta yi yawa ba, ta kuwa ci mana mako uku da ƙarfen ƙoƙo 12. Haka kuma na san wili irin wannan na ninka gudu in an sauke masa kaya, ya kamata a ce na'urar daidaita kaya ta shiga tun ranar da aka sa fuli mai 250, don tun ranar janaretan ke cikin haɗarin da ya same shi a Afrilu.